Darasi: Share asusunka daga talabijin mai intanet kafin ka sayar ko ka kyautar

Talabijin mai intanet ba ya mantuwa don an cire shi daga wuta. Ko ya yi wata shida a cikin kwali, ranar da aka jona shi ya samu rezo, asusun YouTube da na Google da na Netflix za su buɗe kamar jiya aka bar su. Haka ma ƴar na'urar kallo da ake sokawa a ramin HDMI na bayan talabijin, irin su Mi TV Stick da Fire TV Stick. Ƙarama ce kamar yatsa biyu, amma tana riƙe duk abin da babban talabijin ke riƙewa.

Dalili shi ne, ranar da ka shigar da adireshin imel ɗinka da kalmar sirri, kamfanin mai asusun ya bai wa talabijin ɗin wata shaidar shiga da yake ajiyewa a cikinsa. Da ita yake buɗe asusun kullum ba tare da ya sake tambayarka ba. Kamfanin kuma ya rubuta talabijin ɗin a jerin na'urorin da ka yarda da su. Kamar makullin ɗakin haya ne: ɗaya na hannun mai haya, sunansa kuma na cikin littafin mai gida. Saboda haka aikin wuri biyu ne, a talabijin da kuma a salula.

Abin da talabijin ɗin ke riƙe da shi

Mu ɗauki misalin wani maigida a unguwar Birni. Yana da talabijin inci 43 mai tsarin Android TV, zai sayar wa maƙwabcinsa da suke katanga ɗaya. Shi a ganinsa asusu ɗaya ne a ciki, wato na Google da aka sa ranar da aka kafa talabijin ɗin. Da ɗansa ya zauna ya buɗe manhajojin ɗaya bayan ɗaya, sai ga asusun YouTube na ƴarsa, ga Netflix na ƙaninsa da ya zo hutu daga Yamai ya shigar bai fita ba, ga kalmar sirrin wifin gidan, ga kuma kile USB a soke a baya cike da bidiyon biki.

Kowanne da irin ɓarnarsa. Da asusun Google, sabon mai talabijin zai ga sunan maigidan da adireshin imel ɗinsa, kuma idan akwai katin banki a haɗe da asusun, ba a kuma sa tambayar kalmar sirri kafin saye ba, ana iya sayen fim ko manhaja da kuɗinsa. A YouTube za a ga duk abin da yarinyar ta kalla da abin da ta nema, abin da baƙi suka kalla kuma zai shiga tarihinta. Wifi shi ne wanda aka fi mantawa, kuma a wannan misali shi ne zai fara cin kuɗi: tunda maƙwabcin yana kusa, talabijin ɗin zai kama wifin tsohon gidansa da kansa, megar maigida ta riƙa ƙarewa bai san dalili ba. Wanda ke raba intanet daga salularsa ma bai tsira ba, domin da zarar ya kunna Point d'accès a kusa, talabijin ɗin zai shiga.

Mataki na farko: fita daga asusun, da rezo a kunne

A yi wannan tun talabijin yana haɗe da intanet, don saƙon fitar ya isa wurin kamfanin. Kafin ka taɓa komai, ka tabbata ka san kalmar sirrin kowane asusu, ko kuma yana buɗe a salularka. Akwai wanda ɗan gyara ne ya buɗe masa asusun Google a kan talabijin kawai, bai taɓa rubuta kalmar ba. Irin wannan in ya fita, komawa sai da wahala.

A YouTube, je gefen hagu, ka danna hoton asusun da ke sama, ka zaɓi Se déconnecter. Idan talabijin ɗin da Turanci yake, kamar yawancin waɗanda ake kawowa daga Kano, za ka ga Sign out. Ka duba jerin da kyau, domin YouTube na karɓar asusu fiye da ɗaya, kuma kowanne sai an fitar da shi daban.

A Netflix, maɓallin fita yana ƙarƙashin Obtenir de l'aide a gefen hagu. In ka rasa shi, akwai hanyar telekomand. Kana cikin manhajar, danna kibiyoyi a jere haka: sama, sama, ƙasa, ƙasa, hagu, dama, hagu, dama, sama, sama, sama, sama. Shafi zai fito da wurin fita a ciki.

Asusun Google na talabijin ɗin kansa yana cikin Paramètres, sai Comptes et connexion. Zaɓi adireshin, ka danna Supprimer le compte. Kada kalmar ta tsorata ka: daga talabijin ɗin kaɗai ake cire shi, imel ɗinka da hotunanka na nan a salula.

Goge hoton manhaja daga fuskar talabijin bai wadatar ba. Sau da yawa ɓoye ta kawai aka yi, asusun na nan a ciki.

Mataki na biyu: mayar da shi yadda ya fito daga kamfani

Wannan shi ne babban aikin, shi ke share wifi da manhajoji da duk asusun da ka manta. Da farko zare kile USB. Amma a kula: idan an taɓa mayar da kilen ma'ajiyar cikin talabijin, abin da ke kanta a kulle yake da wannan talabijin ɗin, bayan sharewa ba zai ƙara karantuwa ba. Sai a kwashe abin da ake so tukuna.

A Android TV hanyar ita ce Paramètres, Préférences relatives à l'appareil, À propos, Rétablir la configuration d'usine. A Google TV kuwa ana bi ta Système, À propos, Réinitialiser. Da Turanci ana neman Factory reset. Zai tambaye ka sau ɗaya ko biyu ko ka tabbata, sai ya mutu ya tashi da kansa. Yakan ɗauki ƴan mintoci, wani lokaci allon ya tsaya a kan tambarin kamfani har ka zaci ya lalace. Ka bar shi. Kada ka zare waya, kada kuma ka fara a lokacin da wuta ke zuwa tana ɗaukewa. Idan wuta ta yanke a tsakiyar aikin, talabijin na iya maƙalewa a kan tambari, sai an kai shi wurin mai gyara. Mai sola ko batir a gida ya jona a can.

A Samsung, ana shiga Paramètres, Général, Réinitialiser, kuma zai nemi lambobi huɗu. In ba a taɓa canza su ba, yawanci 0000 ne. A tsofaffin samfura wurin yana ƙarƙashin Assistance, Diagnostic automatique, kuma wasunsu ba sa share wifi tare da sauran, don haka bayan an gama a shiga Réseau a duba. A Fire TV Stick, fara da Deregister a ƙarƙashin asusun Amazon, sannan My Fire TV, Reset to Factory Defaults. Za ka iya kuma danne maɓallin komawa baya da kibiyar dama tare har daƙiƙa 10.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne danna sharewar da ba ita ba. A cikin saitin hoto da na sauti akwai nasu Réinitialiser, wanda haske da launi ko ƙarar murya kawai yake gyarawa. Mutum ya danna shi, ya ga hoto ya canza, ya ɗauka ya gama, alhali ko asusu ɗaya bai fita ba.

Ga yadda ake gane ta gaskiya. Talabijin ɗin zai tashi yana tambayar harshe da ƙasa, ya nemi a zaɓi wifi, tashoshin da aka kama da eriya sun ɓace. Telekomand mai aiki da Bluetooth zai nemi a sake haɗa shi, allon zai nuna maɓallan da za a danne, ba lalacewa ya yi ba. In kuwa ya tashi ka ga manhajojinka a jere kamar da, sharewar ba ta yi ba. Da ka ga shafin zaɓen harshe, ka kashe shi a nan. Kada ka sake shigar da asusunka don ka nuna wa mai saye cewa yana aiki. In ya ce, "Alhaji, a gwada mini in gani," ka ce masa, "To, Malam, kunna intanet ɗin salularka mu gwada da naka."

Mataki na uku: a salula

Buɗe wannan adireshi a salularka:

```
myaccount.google.com
```

Shiga Sécurité, ka gangara zuwa Vos appareils, sai Gérer tous les appareils. Za ka ga jerin na'urori da lokacin da kowacce ta yi amfani da asusun. Talabijin yakan fito da sunan kamfaninsa ko lambar samfurinsa, wadda za ka iya gwadawa da takardar da ke manne a bayansa. Danna shi, ka zaɓi Se déconnecter. Ka lura kada ka fitar da salular da ke hannunka. A Netflix, cikin Compte akwai Gérer l'accès et les appareils, inda ake fitar da na'ura ɗaya a bar sauran. A misalinmu, ƙanin maigidan zai iya yin wannan daga Yamai, ƴar kuma ta duba nata jerin, domin kowane asusu da jerinsa.

Wannan mataki shi ne mafita idan allon ya fashe ko talabijin ɗin ya ƙi tashi. In allo ne kawai ya mutu, ƙwaƙwalwar da ke ciki lafiyarta lau, kuma mai gyaran da ya saya a kasuwar Dole zai iya sa masa sabon allo ya tashi da asusunka. Haka idan an riga an tafi da shi kafin ka tuna: fitar da shi ta salula, ka canza kalmar sirrin asusun, ka canza ta wifi.

Share talabijin ba ya tsayar da kuɗin wata. Idan kana biyan Netflix ko wata manhaja, za a ci gaba da cira har sai ka soke da kanka a cikin asusun. Dikoda ta tauraron ɗan'adam kuwa na'ura ce daban, kuɗinta da katinta ba su da alaƙa da wannan sharewa.

Aikin aji

Kowa ya duba talabijin ɗin gidansu ko na wani ɗan'uwa, ya rubuta sunan kamfanin da sunayen manhajojin da ke buɗewa ba tare da sun nemi kalmar sirri ba, da mai kowane asusu. Ya nemo inda Réinitialiser ko Factory reset yake, ya kwafe hanyar a littafinsa, amma kada ya danna. Kada a rubuta kalmar sirri a littafin da za a kawo aji.