Saƙon neman ganawa da tsohon ɗalibi: kurakuran da aka fi yi

"Salam yallabai, ina wuni." Shi ke nan saƙon. Sai ɗalibi ya naɗe hannu yana jiran in amsa kafin ya faɗi abin da ke tafe da shi. Gaisuwa ba laifi ba ce, amma wanda ke tsakiyar aiki ba ya da sukunin bin ta layi-layi. Haɗa gaisuwa da buƙata a saƙo guda.

Kuskuren da ya fi wannan illa shi ne buƙata marar kan gado: "Ina neman shawararka kan rayuwa bayan makaranta." Ta ina mutum zai kama? Bai san ko minti goma kake so ko yini guda ba, don haka sai ya ajiye saƙon sai ya samu sarari, sararin kuwa ba ya zuwa. Sau da yawa ba wulaƙanci ba ne ke jawo shirun nan, nauyin da ka ɗora masa ne. Duba wannan:

"Assalamu alaikum yallabai, da fatan an wuni lafiya. Ni ɗalibin ajin ƙarshe ne a sashen akanta, inda ka gama. Na ga ka fara da aikin odita kafin ka koma ɓangaren haraji, ni ma tsakanin biyun nan nake ta kai-kawo. Ko za ka ba ni minti 15 ta waya in ji abin da ya sa ka sauya? Talata ko Alhamis da yamma sun yi mini, amma duk lokacin da ka zaɓa zan bi. Idan ayyuka sun yi yawa, ba komai. Na gode."

Ya faɗi abin da ya haɗa su, ya nuna ya bincika tarihin mutumin, ba saƙon da ya watsa wa mutum talatin ba ne. Tambayar kuma ɗaya ce, wadda wannan mutumin kaɗai zai iya amsawa. Jimlar "ba komai" ɗin nan ma tana aiki, domin wanda aka bar wa ƙofar ƙi ya fi sakin jiki ya amsa.

Sai masu maƙalo takardun neman aiki. Ka ce hira kake so, ga takardun shaidarka a ƙasa; nan take ya gane aiki kake nema a fakaice, shi kuwa wataƙila ba shi ke ɗauka ba. Riƙe su sai ya tambaya.

In shiru ya yi yawa fa? Jira mako guda, ka tura tuni na layi biyu a ƙarƙashin saƙon farko, don kada ya sha wahalar nemo shi. Sau ɗaya tak. Kada ka ce "na ga ka karanta", kada kuma ka danna masa kira alhali bai ba ka lokaci ba. In tunin ma bai samu amsa ba, nemi wani daga cikin tsofaffin ɗaliban sashenku.