Kurakuran da aka fi yi wajen sa suna, bayani da jeri ga karatun tafsiri da aka naɗa

Karatun da aka naɗa ba ya zama a inda aka ɗora shi. Yau yana YouTube, gobe wani ya sauke shi ya tura Telegram, jibi yana cikin memori a rediyon mota ko a wayar dattijuwar da jikanta ya tura mata. Duk inda ya je, abin da ke bin sa shi ne sunansa kawai. Saboda haka sunan kowane zama dole ya iya faɗin kansa: wane karatu ne, na wace shekara, zama na nawa, daga ina zuwa ina aka karanta. Galibin kurakuran da ke ƙasa daga manta wannan suke fitowa. Mu ɗauki misali guda mu bi shi: tafsirin watan Ramadan na 1446, wanda ya zo a Maris 2025, malam yana karanta Suratun Nisa'i a zama 28.

Kuskure na farko shi ne cika farkon suna da laƙabi. Za ka ga an rubuta "Kai tsaye: Tafsirin Alƙur'ani Mai Girma tare da Fadilatush Shaikh Dakta Wane, Allah Ya kiyaye shi, daga Masallacin Juma'a, rana ta 7". Niyyar girmamawa ce, amma YouTube ba ya karɓar suna da ya wuce harafi 100, kuma a fuskar waya ana datse sunan tun kafin a kai ƙarshensa. Sakamakon shi ne bidiyo 28 da farkonsu iri ɗaya ne sak, lambar da ta bambanta su kuma tana cikin ɓangaren da aka datse. Mai nema sai ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya, datarsa na ƙarewa. Gyaran shi ne a kawo abin da ke canzawa gaba, a mayar da abin da ba ya canzawa baya:

```
Tafsir 1446 | 07 | Nisa'i 11-14 | Rabon gado | Malam Wane
```

Wannan harafi 57 ne, kuma ko an datse shi a tsakiya, shekara da lamba da ayoyi sun riga sun fito. Cikakken laƙabin malam da addu'a gare shi suna da gurbinsu a cikin bayani, inda akwai filin harafi 5,000. Kalmar "kai tsaye" kuma a cire ta da zarar an tashi daga zaman, domin bayan wata biyu tana ruɗar mai kallo.

Sai maganar lamba, wadda ita ce ta fi ɓata jeri. Matsala biyu ce a nan. Ta farko, rubuta 1, 2, 3 babu sifili a gaba. Rediyon mota da ƙananan na'urorin MP3 da yawa suna jera fayil harafi bayan harafi, ba lissafi suke yi ba, don haka bayan 1 sai 10, 11, 12 har 19, sannan 2 ta biyo. Mai sauraro ya gama zama na farko a kan haƙƙin marayu, sai ya tsinci kansa a zama na goma, yana mamakin yadda malam ya yi tsalle. Idan zaman bai kai ɗari ba a rubuta 01 zuwa 99. Idan karatun littafi ne mai tsawo da za a yi shekaru ana yi, kamar Riyadus Salihin ko Risala, a fara da 001 tun ranar farko, domin komawa a gyara sunan fayil 99 daga baya wahala ce, kuma waɗanda suka riga suka bazu a hannun jama'a ba za su gyaru ba.

Matsala ta biyu ta fi wannan ɓoyuwa: haɗa lambar zama da ranar azumi. A makon farko suna tafiya tare, zama na 5 ran 5 ga wata, har mai ɗorawa ya ɗauka abu ɗaya ne. Sai ran 12 ga Ramadan malam ya yi tafiya, ba a yi karatu ba. Ran 13 mai ɗorawa ya rubuta "rana ta 13". Daga nan duk wanda ya zo zai yi ta neman na 12 da babu shi, yana zaton an goge ko an manta. Wani lokacin ma mutum biyu ke ɗorawa, ɗaya yana ƙirga zama, ɗayan yana ƙirga kwana, sai a samu "13" guda biyu masu karatu daban. A tsayar da ƙa'ida ɗaya: lambar da ke cikin suna ta zama ce, ba ta tsallake ko ɗaya. Karatun ran 13 ga wata shi ne zama na 12, kwanan watan kuma ya shiga bayani. Idan an yi karatun amma naɗin ne ya lalace, wannan daban ne: a bar lambar a matsayin gurbi, a rubuta a bayanin jeri, wato `Playlist`, cewa zama na 16, ayoyi kaza zuwa kaza, ba a samu naɗinsa ba. Idan wuta ta ɗauke zaman ya rabu biyu, a kira su 07a da 07b. Kada rabi na biyu ya ci lamba 08, domin duk na bayansa za su goce.

Lambar aya ma tana da tarko wanda masu ɗorawa da yawa ba su lura da shi ba. A ƙasar Hausa ana karatu da Warshu ana kuma yi da Hafsu, kuma ƙidayar ayoyi a mus'hafan biyu ba ɗaya ba ce. Suratul Baƙara aya 286 ce a mus'hafin Hafsu, 285 a na Warshu. Nisa'i 176 ce a na farko, 175 a na biyu. Idan alaramma mai jan baƙi yana riƙe da Warshu, mai ɗorawa kuma ya duba lamba a manhajar wayarsa ta Hafsu, ɗalibin da ya buɗe nasa mus'hafin zai iya samun saɓanin aya ɗaya ko biyu. Maganinsa mai sauƙi ne: a faɗi ƙidayar da aka bi sau ɗaya a bayanin jeri, sannan a bayanin kowane zama a rubuta kalmomin farko na ayar da aka fara da ita. Mahaddaci da "Yusikumullahu fi auladikum" yake gane wuri, ba da lamba 11 ba. Ƙara izu da sumuni ma yana taimakon waɗanda suka taso a allo.

Rubutun sunan sura kuwa a zaɓi guda a tsaya a kai. Baƙara, Bakara, Baqara da Baqarah duk ana rubutawa, amma idan jeri ɗaya ya ƙunshi duka huɗun, wanda ya nemi ɗaya a Telegram ba lallai ya ga sauran ba. Sauran rubuce-rubucen a sa su a layin ƙarshe na bayani saboda masu nema.

Bayanin kansa, kuskuren da aka fi yi shi ne liƙa abu ɗaya a ƙarƙashin kowane zama: sallama doguwa, roƙon a bi tasha, lambar asusun masallaci, babu ko kalma a kan abin da aka karanta. Layi biyu ko uku na farko ne kawai ke fitowa kafin mutum ya taɓa don ganin saura, don haka su ne na abin da zaman ya ƙunsa. Ga yadda na zama na 7 zai kasance:

```
Zama na 07: Nisa'i 11-14 (ƙidayar Hafsu), daga "Yusikumullahu fi auladikum".
Rabon 'ya'ya, iyaye, miji da mata, da kalala.
7 Ramadan 1446

0:00 Jan baƙi
6:40 Rabon 'ya'ya da iyaye
31:15 Rabon miji da mata
52:30 Kalala
1:08:00 Tambayoyi
```

Waɗannan lokutan YouTube yana mayar da su babi-babi a jikin bidiyo, amma da sharaɗi uku: na farko ya zama `0:00`, su kai aƙalla uku a jere daga ƙarami zuwa babba, kowane babi kuma kada ya gaza daƙiƙa 10. Idan ka rubuta su ba su fito ba, duba na farkon, galibi an fara ne da 0:45 saboda tsallake gyaran lasifika. A karatun gado wannan aiki ya cancanci minti goman da zai ci, domin wanda aka yi wa rasuwa yana neman mas'ala ɗaya ce, ba zai iya sauraron awa ɗaya da kwata yana lalube ba. A ambaci sunan mai jan baƙi da masallacin a ƙasa. Abin da ba ya canzawa a ajiye shi a `Upload defaults` cikin saitin YouTube Studio, ya riƙa fitowa da kansa, a cike na sama kawai. Abu ɗaya da ya kamata a kiyaye ƙwarai: kada mai ɗorawa ya rubuta hukunci da bakinsa a suna ko bayani, irin "Malam ya haramta kaza". A rubuta mas'alar da aka tattauna, hukuncin a ji shi daga bakin malam da sharuɗɗansa, domin sunan yana yawo inda karatun bai je ba.

Game da jeri, wato `Playlist`, kuskure biyu ne ke maimaituwa. Ɗaya shi ne zuba komai a jeri guda mai suna "Karatuttukan Malam": tafsirin shekara biyar, huɗubobi, walimar aure, gajerun yanka. Kowane littafi da jerinsa, kowane Ramadan da nasa, suna kuma a tsari ɗaya: "Tafsir 1445", "Tafsir 1446", tare da surar da aka karanta. Gajerun yanka na minti biyu su samu nasu jerin, kada su shiga tsakanin zama na 7 da na 8. Bayanin jerin ya faɗi inda aka tashi bara da inda aka tsaya bana, domin wanda ke bin tafsirin shekara da shekaru ya san jerin da zai buɗe gaba.

Ɗayan kuma shi ne barin sabon bidiyo a sama, sai jerin ya riƙa tafiya daga 28 zuwa 01. Ana iya zaɓar `Date published (oldest)`, amma a sani cewa YouTube ba ya bari a musanya fayil ɗin bidiyo. Idan muryar zama na 9 ta lalace aka sake ɗora shi bayan salla, sabon bidiyo ne mai sabon kwanan wata, zai faɗa ƙarshen jeri bayan na 28. A irin wannan hali a ja shi da hannu a mayar da shi gurbinsa, a cire tsohon daga jerin. Idan matsalar minti goma na jiran malam ne a farkon naɗin kai tsaye, ba sai an sake ɗorawa ba, `Trim` da ke cikin Studio yana yanke shi, adireshin bidiyon bai canza ba. A yi yankan kafin a rubuta lokutan babi, in ba haka ba duk za su goce.

Fayil ɗin murya yana da nasa ƙa'idojin. Alamomin `| : / ? *` ba sa shiga sunan fayil a Windows da memori, haruffa masu lanƙwasa kuma, ɓ da ɗ da ƙ, wasu rediyoyin mota suna nuna su a matsayin akwati. A nan kaɗai ake sauƙaƙa rubutu:

```
tafsir-1446-07-nisai-011-014.mp3
```

A cikin fayil ɗin kuma akwai gurabun `Title`, `Artist`, `Album` da `Track`, waɗanda manhaja irin Mp3tag ke cikewa ga fayil 28 a lokaci guda. Idan aka bar su babu komai, manhajar sauraro za ta tara karatun a ƙarƙashin `Unknown artist` tare da duk abin da ke wayar. A sa sunan malam a `Artist` da rubutu ɗaya kullum, "Tafsir 1446" a `Album`, lambar zama a `Track`. Wajen turawa a WhatsApp kuma a tura shi a matsayin `Document`. Idan aka tura shi a matsayin murya, yana sauka a wayar mai karɓa da suna irin `AUD-20250307-WA0004`, lambar zama da sunan sura duk sun tafi.