Kada idonka ya fara da farin tabo

Ɗan'uwa mai shirin jarrabawa, in an miƙa maka hoton ƙirji, kada ka ruga kan farin tabon. Fara da suna da kwanan wata, sannan ingancin hoton.

Ƙirga haƙarƙarin gaba: in ba ka ga biyar zuwa shida sama da tantanin da ya raba ƙirji da ciki ba, mara lafiyan bai ja numfashi sosai ba, huhun zai yi fari kamar ciwo. In an rubuta AP, wato an ɗauki hoton daga gaba zuwa baya, zuciya takan fito da girman da ba nata ba, kada ka ce ta kumbura.

Sannan maƙogwaro, huhu dama da hagu, zuciya, ƙasusuwa a ƙarshe. Ni karayar haƙarƙari ta taɓa wuce ni saboda gaggawa.

Amma in mara lafiya na haki, maƙogwaro ya karkace, mara lafiyan za ka fara dubawa, hoto ya jira.