Yadda Ake Rubuta Wasiƙar Ƙin Amincewa da Bil ɗin Wuta na Ƙiyasi

Idan ma'aikacin ECG, kamfanin wutar lantarki na Ghana, bai karanta mitarka ba, akan ƙiyasta yunit a rubuta maka. Mai ɗaki da falo a Nima ko Mamobi da ke Accra sai ya ga bil kamar na mai injin niƙa. Kukan "kuɗin ya yi yawa" ba ya gyara bil, lissafin yunit ne ke gyara shi.

Ka fara da mitar. Ka ɗauki hoton lambar da ke jikinta da adadin kWh, wato yunit, da take nunawa, ka kwatanta da abin da ke kan bil. Bayan kwana bakwai ka sake ɗauka. Ka kuma kashe komai na ɗakin ka duba: idan mitar na ci gaba da ƙirga, ko dai ta lalace, ko wani ya ja waya daga layinka. A gidan haya hakan ba baƙon abu ba ne, kuma wannan maganar maigida ce kafin ta zama ta kamfani.

Sai lissafi. Ka ninka wat na kowane kaya da awannin da yake aiki, ka raba da 1,000. Ƙwan fitila biyar masu wat 10 na awa shida, yunit 0.3 ke nan. Fanka mai wat 70 ta awa goma, 0.7. Talabijin mai wat 60 na awa biyar, 0.3. Ƙaramin firji a ce 1.2, dutsen guga 0.3. Jimla 2.8 a rana, wato yunit 84 a kwana 30. Idan bil ya ce yunit 400, an kusa ninka maka biyar. Kada ka ɓoye abin dafa ruwa in kana da shi, domin za a iya zuwa dubawa.

Wasiƙar da Turanci ake yin ta, zuwa ga manajan ofishin ECG na gundumarku. Shafi ɗaya ya isa. Ka sa lambar asusu, lambar mita, adireshin GhanaPost GPS da watan da kake ƙorafi a kai. Ka kawo karatun mita biyun da ranakunsu, sannan lissafinka. Ka faɗi buƙatarka ƙarara: a zo a karanta mitar, a gyara bil, a rage rarar daga bashin. Ka haɗa da hotuna da tsofaffin rasit.

Ka je da kwafi biyu, a buga maka hatimi da kwanan wata a naka. Ni dai shawarata, ka biya gwargwadon abin da ka saba biya, ka ambata hakan a wasiƙar, don kada a ce ka ƙi biya ne.

Idan shiru ya yi yawa, ka kai kwafin mai hatimi ga PURC, hukumar da aka kafa a 1997, wadda ke sauraron ƙorafin masu amfani da wuta da ruwa.