Darasi na 6: Wane aiki kwamfuta za ta fara ɗauka a layi?

Kwamfutar da ke yi wa jama'a hidima ba ta iya gama ayyuka duka a lokaci guda. Duk aikin da ya shigo sai a ajiye shi a layi, wani shiri da ake kira ma'aikaci yana ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Wanne zai fara ɗauka? Amsar ta dogara da dokar da aka kafa wa layin.

Doka ta farko ita ce wanda ya riga zuwa shi ke riga fita. A allon kwamfuta za ku ga an rubuta ta FIFO. Sabon aiki ya tsaya a baya, ma'aikaci ya ɗauka daga gaba. Kowa zai samu shiga, kuma ana iya lissafa jira: a raba yawan ayyukan da ke gaba da yawan da ake gamawa a daƙiƙa ɗaya.

A ɗauka wata ƙungiyar 'yan tumatir a kasuwar Mile 12 tana da manhajar tura saƙon tes ga mambobinta, ma'aikacinta yana tura saƙo 10 a daƙiƙa. Da ƙarfe 8 na safe sakatare ya zuba sanarwar taro guda 6,000 a layi. Daƙiƙa ɗaya bayan haka wani ɗan kasuwa ya nemi lambar sirri don ya shiga asusunsa, lambar kuma minti 5 take yi ta mutu. Saƙonsa yana bayan kusan 6,000. A raba da 10, an sami daƙiƙa 600, wato minti 10. Lambar za ta iso a mace. Zai sake nema, wasu ma haka, layi ya ƙara tsawo. Babu abin da ya lalace a na'urar. Dokar ce ba ta dace da aikin ba.

Doka ta biyu ita ce fifiko. Kowane aiki ana ba shi lambar muhimmanci, ma'aikaci ya fara da mafi muhimmanci ko da yanzu ya shigo, kamar yadda ake shigar da wanda ya yi hatsari gaban masu zazzaɓi a asibiti. Ga shi a harshen Python:

```
import queue
layi = queue.PriorityQueue()
layi.put((2, 1, "sanarwa"))
layi.put((1, 2, "lambar sirri"))
print(layi.get())
```

Lambar sirri ce za ta fito, duk da ita ce ta biyu a zuwa. Adadi na farko shi ne fifiko, kuma a nan ƙarami ne ke gaba. A manhajar RabbitMQ, wadda ake amfani da ita wajen sarrafa layin ayyuka, babba ne ke gaba, don haka a duba kafin a rubuta, kada a kifar da tsarin. Adadi na biyu lambar isowa ce. Ita ke raba gardama idan ayyuka biyu suka zo da fifiko ɗaya, sai wanda ya riga zuwa ya wuce.

Amma fifiko yana da cutarsa, kuma ta fi wuyar ganewa. Idan saƙonnin gaggawa suka riƙa shigowa 10 a daƙiƙa, ma'aikaci ba zai taɓa waiwayar sanarwa ba. Tana nan a layi, ba a jefar da ita ba, ba a kuma tura ta ba, har ranar taro ta wuce. Masu neman lambar sirri ba za su koka ba, na'ura ma ba za ta nuna kuskure ba. Shi ya sa tsawon layi kaɗai ba ya isa shaida. Abin dubawa shi ne daɗewar aikin da ya fi kowanne tsufa a ciki. Idan wannan lokacin yana ta ƙaruwa alhali ma'aikaci bai huta ba, to ana danne na ƙasa.

Magani ɗaya shi ne rabon kaso: bayan kowane saƙon gaggawa 4, a tura sanarwa 1. A cikin 10 na kowace daƙiƙa sanarwa ta sami 2 ke nan, guda 6,000 su ƙare cikin daƙiƙa 3,000, minti 50, komai cunkoso. Ko kuma a riƙa ɗaga darajar aiki gwargwadon daɗewarsa. A ganinmu rabon kaso ya fi wa ƙaramar ƙungiya, domin da biro da takarda za a iya lissafa jira mafi tsawo. A kuma taƙaita matakan fifiko zuwa biyu ko uku, a hana kowa sa wa aikinsa lamba ta ɗaya, don idan duka sun zama na gaggawa an koma FIFO ne kawai.

Akwai inda fifiko bai kamata ya shiga ba sam: ayyukan da suka dogara da juna. Mutum yana da ₦5,000, ya zuba ₦20,000, sannan ya nemi cire ₦15,000. Idan aka fifita cirewa, za a ce kuɗinsa bai kai ba. Ayyukan asusu ɗaya su bi juna yadda suka zo, ma'aikaci ɗaya yana ɗaukarsu.

Aikin gwaji: ma'aikaci yana tura saƙo 20 a daƙiƙa, akwai sanarwa 9,000 a layin FIFO. Minti nawa lambar sirri za ta jira? Idan minti 5 take yi ta mutu, za ta yi amfani?