Tauraro huɗu ba yabo ba ne: kurakuran da ake yi wajen bai wa direba maki

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar taurarin manhajar kiran mota kamar makin jarrabawa. Fasinja ya sauka lafiya, ba abin da ya ɓata masa rai, sai ya danna huɗu cikin biyar, a ganinsa ya yaba. A wajen kamfanin kuwa ba haka ba ne. Matsakaicin maki ake dubawa, kuma yawancin direbobi suna tsakanin 4.5 ne da 5, don haka huɗu ƙasa take ja.

A duba lissafin. Direban da ke son riƙe 4.8, idan aka ba shi huɗu sau ɗaya, sai ya samu biyar sau huɗu kafin ya koma inda yake. Idan tauraro ɗaya aka ba shi, sai fasinja 19 sun ba shi biyar kafin gurbin ya cike. Kuma makin ba ya gogewa da wuri. Uber, alal misali, tana lissafi ne da tafiye-tafiye 500 na ƙarshe da aka ba da maki a kansu. Wanda makinsa ya faɗi ƙasa da iyakar da kamfani ya gindaya, ana yi masa gargaɗi, daga nan a iya rufe masa asusu, abincinsa ya tsaya ke nan. Gyaran mai sauƙi ne: in an kai ka lafiya, cikin mutunci, mota ba ƙazanta, ka ba da biyar.

Sai huce haushi a kan wanda ba shi da laifi. Kuɗin tafiya ya ninka saboda ruwan sama? Manhaja ce ta yanka farashin. Cunkoso ma ba direba ya haɗa shi ba. Masu kawo saƙo sun fi shan wannan: gidan abinci ya ɓata rabin awa, ko ya manta da wani abu a kunshin da aka liƙe, mai babur bai da ikon buɗewa, amma shi ake zabge wa maki. Kafin ka danna, tambayi kanka ko abin a hannunsa yake. In ba a hannunsa ba, kai ƙorafin sashen taimako na manhajar, can ne ake mayar da kuɗi. In manhajar ta nemi dalili, zaɓi na gaskiya, domin wasu kamfanoni ba sa ƙirga makin da dalilinsa farashi ne ko cunkoso.

Akwai kuma masu tausayin da ya wuce gona da iri. Direban da ke latsa waya yana gudu, ko ya ci zarafinka, ko ya zo da motar da lambarta ta saɓa da ta manhaja, bai cancanci biyar ba don kawai yana da iyali. Irin wannan ma rage tauraro bai wadatar ba. Shigar da rahoto, ka rubuta lokacin da abin ya faru da yadda ya faru.