Wasiƙar shaida ga ƙaramin akanta mai neman tallafin karatu: inda manajoji suke tuntuɓe

Idan ƙaramin akanta da ke ƙarƙashinka ya shigo ofis ya ce, "Ranka ya daɗe, ina neman tallafin karo karatu, ana son wasiƙa daga wanda nake aiki a hannunsa," yawancin manajoji takardar shaidar hali suke rubuta masa. Yaro ne mai ladabi, mai gaskiya da riƙon amana, ba ya makara. Duk wannan yana iya zama gaskiya, amma limamin unguwarsu ma zai iya faɗinsa. Abin da masu tantancewa suke nema daga manaja shi ne abin da babu wanda ya gani sai shi, wato aikin da yaron ya yi a kan littattafan kuɗi, da yadda ya yi shi. Kuskure mafi girma ke nan, kuma sauran kusan duk daga gare shi suke tsirowa.

Mu ɗauki misali. A ce kana kula da sashen kuɗi na wani kamfanin abincin kaji a Kakuri da ke Kaduna, kuma akwai wata ƙaramar akanta da ta fara aiki a watan Maris na 2022, tana son yin digiri na biyu. Rubutun farko da zai zo maka shi ne "tana da ƙwazo sosai, ta kawo ci gaba a sashenmu." Wanda yake da tulin wasiƙu a gabansa zai wuce wannan jimlar bai ma lura ba, domin babu abin da zai kama a cikinta.

Gyaran shi ne ka zaɓi aiki ɗaya ko biyu, ka faɗi yadda abin yake kafin ta zo, abin da ta yi da hannunta, da abin da ya canza. Misali, a da daidaita lissafin banki da littafin kamfani yakan kai mako uku bayan ƙarshen wata, saboda kuɗin da diloli suke turowa suna shigowa ba tare da lambar rasit ba. Ita ta tsara cewa kowane dila ya riƙa sa lambar rasit a bayanin turawa, ta kuma koma duba bayanan banki kowace Juma'a maimakon jiran ƙarshen wata. Yanzu ana rufe lissafin cikin kwana 5. A nan ne kuma ta gano cewa an biya wani mai kawo masara sau biyu a kan takarda ɗaya, ta kawo maka maganar kafin masu binciken kuɗi su zo, aka dawo da kuɗin. Wannan sakin layi ɗaya ya nuna gaskiyarta da ƙwazonta ba tare da ka ambaci ko ɗaya daga kalmomin ba. Haka idan ita ce ke shirya harajin albashin ma'aikata da ake turawa hukumar harajin jihar Kaduna zuwa 10 ga watan da ke biye, ka faɗi wata nawa a jere ta yi ba a makara ba. Sai dai ka duba fayil kafin ka rubuta adadin, kada ka ƙiyasta da ka.

A nan wasu suke faɗawa ramin da ke ɗaya gefen. Garin son kawo hujja, sai manaja ya zuba sirrin kamfani, ya rubuta yawan cinikin shekara, ko sunan mai kawo kayan da aka biya sau biyu, ko sunan bankin. Wasiƙar nan za ta fita daga hannunka, ba ka san mutum nawa za su karanta ta ba, kuma mai karatun da ya san aikin akanta zai ga ofishin da ba ya riƙe sirri. Ka yi amfani da kwanaki, da yawan asusun da take kula da su, da kaso cikin ɗari. Sunaye da ainihin kuɗi su tsaya a ofis.

Kuskure na gaba shi ne rashin karanta sharuɗɗan tallafin. Wasiƙa ɗaya ba ta yi wa kowace ƙofa. Chevening na gwamnatin Birtaniya, alal misali, yana ba da muhimmanci ga jagoranci da iya hulɗa da mutane, yana kuma neman gogewar aiki ta aƙalla awa 2,800, wato kimanin shekara biyu. Idan can ta nufa, labarin yadda ta shawo kan diloli suka karɓi sabon tsari ya fi amfani a kan saurinta a Excel. Idan kuwa tallafin na karatu ne a Jami'ar Ahmadu Bello ko Jami'ar Jihar Kaduna, ko na jarrabawar ICAN ta zama ƙwararren akanta, abin da ya fi nauyi shi ne ko za ta iya ɗaukar karatun, don haka ka faɗi yadda ta ci matakan jarrabawa alhali tana aiki cikakken lokaci, in har hakan ya faru. Ka ce ta kawo maka sanarwar tallafin da bayanin da ta rubuta game da kanta kafin ka ɗauki biro.

Wannan bayanin nata yana da wani amfani. Idan ita ta rubuta ta fara aiki a Maris 2022, kai kuma ka rubuta 2021 don ka ƙara mata nauyi, ko ka kira ta babbar akanta alhali takardar ɗaukarta ta ce mataimakiya, ka jefa shakku a kan duk abin da ta gabatar. Sakin layi na farko ya faɗi muƙaminka, muƙaminta na ainihi, watan da ta fara, da cewa kai ne kake duba aikinta kai tsaye. Shi ya sa wasiƙar shugaban sashe ta fi ta babban darakta wanda bai taɓa buɗe fayil ɗinta ba, komai girman sunansa. Idan kuma 'yar yayarka ce ko surukarka, abin da ba baƙo ba ne a kamfanonin iyali na garin nan, ka bar wani ya rubuta, domin shaidar dangi ba ta karɓuwa a yawancin irin waɗannan tallafi.

Akwai kuma al'adar "je ki rubuto, in sa hannu." Ana gane irin wannan wasiƙa cikin sauƙi, saboda kalmominta da kurakuran Turancinta sukan zo iri ɗaya da na bayanin mai nema. Ba laifi ta ba ka jerin ayyukan da ta yi da kwanakinsu, amma jimlolin su zama naka. Kuma kada ka ji tsoron faɗin abin da ba ta iya ba tukuna. Idan ba ta taɓa shirya cikakken rahoton kuɗi na shekara ita kaɗai ba, ka ce wannan ne matakin da karatun zai kai ta. Hakan yana bayyana dalilin neman tallafin, yana kuma sa a yarda da yabon da ka yi a sama.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma suna kayar da takarda. Shafi ɗaya, ko ɗaya da rabi, ya isa. A buga a takardar kamfani mai tambari, da kwanan wata da sa hannu na biro, a ɗauke ta da na'urar sikana a mayar PDF, kada a turo hoton waya mai inuwar yatsa. Ka sa adireshin imel na kamfani da lambar da kake ɗauka, tunda ana iya tuntuɓarka. Wasu tallafin su da kansu suke turo wa manaja saƙo mai ɗauke da inda zai ɗora wasiƙar, kuma saƙon yakan faɗa akwatin Spam, don haka ka riƙa leƙawa. Ka tura kwana uku kafin ranar rufewa, domin ɗaukewar wuta ko tsinkewar intanet a daren ƙarshe ba uzuri ba ne a wurinsu.